Yinin Mutum Biyu a Kai Ɗaya

Shekara talatin da takwas muna waiwayar yini tare, ni da maigidana kafinta, kullum da yamma a bencin da ya ƙera a baranda. Tun da mantuwa ta kama shi, ni nake riƙe mana yinin, shi kuwa ya ce amin.

Ran nan ma muka zauna. Muka yi shiru har numfashi ya kwanta, don mu tuna a gaban Ubangiji muke. Na roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haska mana yinin, mu gan shi yadda yake. Sai godiya, ita ce kan gaba, kuma ba a yin ta a dunƙule. Na bi yinin daki-daki: hasken safe a labule, shayin da ya shanye tas, tantabarar da ta sauka a taga ya yi mata gaisuwar surukai. Yinin ya riƙa wucewa a hankali kamar shanya a iska, inuwar mangwaro tana hawa ƙafafunmu.

Daga nan akan duba inda zuciya ta yi haske da inda ta yi nauyi. A nan na yi tuntuɓe. Da azahar na tarar ya goge katako da rigata ta zuwa coci, na daka masa tsawa, na ce na gaji da shi. Ni dai bakina ba ya da birki, amma wannan ta wuce gona da iri. Ga shi ya manta. In na tsallake, wa zai sani? Yinin a hannuna yake, sai abin da na ba shi. Tsoro ya kama ni, don in na fara yi masa yankan baya, addu'ar ta tashi daga tamu ta koma labarin da nake shirya wa tsoho.

Na faɗa masa duka, har kalmar, na nemi gafarar Allah da tasa.

Ya daɗe yana shafa bencin, yana bin jijiyar katakon da yatsa.

"Ban tuna ba, Malama," ya ce. Ya dafa ƙirji. "Amma tun rana akwai abu a nan, na rasa daga ina. Ashe shi ne. To, na yafe."

Saura duban gobe, inda kowa ke roƙon alheri guda. Watanni ke nan ni nake roƙa masa. Na buɗe baki ya riga ni, idonsa a rufe.

"Ya Uba, matar nan da ke ajiye mini yinina, gobe ka sa in gane ta."

Amin ɗin ya ƙi fita daga bakina. Shi ya faɗe shi a madadinmu.