Kalmar da Aka Yanke a Bidiyon Miyar Yakuwa

Karimatu tana tsakar gida tana gyaran yakuwa lokacin da sallamar namiji ta taso daga zaure, da irin Hausar wanda bai saba da ita ba. Mijinta Mahamman ya tafi kasuwar shanu tun safe. Ta yafa mayafi ta leƙa, sai ta ga Théodore, ma'aikacin kamfanin auduga da ya kama haya a layinsu bara, shi da matarsa Florentine, mutanen kudu. Rigarsa ta jiƙe da gumi, maɓallanta a karkace.

"Madam Karimatu, ke ce mai bidiyon girki?" ya tambaya da Faransanci, ko gaisuwa babu.

Ta ce ita ce. Duk unguwar an san haka. Shekara biyu ke nan tana sa bidiyon girkin arewa a Fesbuk, tana magana da Hausa, wani lokaci ta surka da Fulatanci, rubutun da ke fitowa a fuskar waya kuwa da Faransanci, don mutanen Yawunde da Duwala su amfana.

"Matata tana asibiti," in ji shi. "Miyarki take dafawa."

Abin da ya fara zuwar wa Karimatu a rai shi ne nama, ko an sayar wa Florentine da wanda ya kwana. Théodore bai bar ta ta tambaya ba. Ya zaro waya, ya buɗe bidiyonta na shekaranjiya, miyar yakuwa da naman sa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda a nan Garuwa kowa ke ce wa folere. Ya tsayar da hoton daidai inda jerin kayan haɗi ya fito, ya kara mata wayar a fuska.

Ta bi layukan da ido. Nama rabin kilo. Yakuwa ɗauri uku. Gyaɗa cokali huɗu. Albasa, attaruhu, gishiri. Layi na ƙarshe ya ce: Kanwa ou soude.

"Kanwa ko soda," ta ce a hankali. "To ai..."

A takardar tsarin bidiyon da ta rubuta da hannunta, ba haka ta sa ba. Ta rubuta kanwa, ko kuma bicarbonate de soude ga wanda ba ya samun kanwa, wato farar hodar nan da ake sa wa a cincin da kek. Amma soude ita kaɗai, a kasuwar Garuwa, abu ɗaya take nufi: sodar da mata ke dafa sabulu da ita, wadda in ta taɓa fata sai ta ci.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ta sha?"

"Hau moto mu je, ki gani da idonki."

A hanya, a bayan babur ɗinsa, iska na kaɗa mayafinta, ranar ɗaukar bidiyon ta riƙa dawo mata. Roger ne ke ɗauka yana kuma haɗawa, wani magidanci mai shagon hoto kusa da babbar kasuwa. Shi ya koya mata raba takarda gida uku: gefe ɗaya abin da kyamara za ta nuna, tsakiya abin da za ta faɗa, ɗaya gefen rubutun da zai fito. Kowane mataki da lokacinsa. Nama ya dahu minti arba'in, a bidiyo daƙiƙa shida. Yakuwa ta tafasa minti biyar da ruwan kanwa don tsaminta ya karye, a tace. Gyaɗa ta shiga, a rage wuta. A wajen kanwa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa a matso da kyamara kusa, domin tana son mutane su ga kumfar da ke tasowa in ruwan kanwa ya haɗu da yakuwa.

Roger ya matso kuwa. Ya ɗauki hannunta tana zuba dakakkiyar kanwa a ɗan kofi, ta ƙara ruwa, ta juya da yatsa, ta ɗora yatsan a harshe, kamar yadda ta ga uwarta tana yi tun tana ƙarama. A daidai nan bakinta yana cewa da Hausa, ku ɗanɗana ku ji, kada ta yi yawa miya ta yi bauri. Florentine ba ta jin Hausa. Abin da ke gabanta hoto ne da rubutu.

Sun sami Florentine a asibiti zaune a bakin gado, 'yar yatsarta ta dama a naɗe, leɓenta na ƙasa ya kumbura ya yi fari-fari kamar an ɗora masa ƙarfe mai zafi. Tana riƙe da ƙyalle tana tare yawu. Da ta ga Karimatu sai ta ɗaga mata hannun hagu, wai gaisuwa. Wannan gaisuwar ta fi komai karya wa Karimatu zuciya. Ta durƙusa a gaban gadon, ta kasa cewa komai sai sannu, sannu 'yar'uwa.

Ma'aikaciyar jinya ce ta yi bayani. Florentine ta je kasuwa ta nemi soude, aka ba ta a ƙullin leda. Ta zuba a kofi ta sa ruwa, ta ji kofin ya yi zafi a hannunta, ta ɗauka haka abin yake. Ta juya da yatsa ta kai harshe. Allah ya sa ta tofar nan take, ta kuma yi ta kurkure baki a bakin famfo har maƙwabciya ta ji ihunta. Ba ta haɗiye ba.

"Da ta haɗiye," in ji ma'aikaciyar, "da maƙogwaro muke magana yanzu, ba leɓe ba. Kuma yara uku ke jiran wannan miyar su dawo daga makaranta."

Karimatu ta fita baranda ta kira Roger.

Ya iso cikin ɗan lokaci da kwamfutarsa a jaka. Ya tsaya ya dubi Florentine daga bakin ƙofa, ya cire hularsa, ya kasa shiga. A kan bencin baranda ya buɗe aikin, ya nuna wa Karimatu da Théodore. Bidiyon a tsaye yake don waya, faɗinsa kaɗan ne. Layin kanwa ya fi sauran tsawo, ya karye biyu, ya sauko ya rufe kwanon gyaɗa.

"Na kira ki ranar," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Na ce layi ɗaya ya yi tsawo. Kika ce in rage, sai na yanke bicarbonate."

Ta tuna. Tana wajen masu kifi a bakin kogin Binuwai, ana hayaniya, ta ce masa ya rage kawai, ba ta tambayi wane layi ba. Da ya aiko mata ta duba kafin a saki, fuskarta ta kalla, da launin miyar, da ko an ji muryarta sosai. Rubutun ta bar shi ya wuce, tunda ita ta rubuta shi.

"Ni ban taɓa girki ba, Madam," in ji Roger. "Na ɗauka duk soda ɗaya ce."

Théodore ya dube su su biyu. Karimatu ta jira zagi, ko maganar 'yan sanda, ta kuma san ba ta da bakin kare kanta. Amma abin da ya tambaya daban ne.

"Mutum nawa suka kalla?"

Roger ya duba. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar. Dubbai ne, fiye da duk wani bidiyo da ta taɓa saki. Jiya ta yi ta murna da wannan adadin, har ta nuna wa Mahamman.

"Goge shi," ta ce. "Roger, goge shi yanzu!"

Ya goge. Amma bai rufe kwamfutar ba, ya zauna yana murza goshi. Ya ce mata na Fesbuk ya tafi, sai dai mutane sun riga sun sauke shi, yana yawo a Watsaf. Shi da kansa ya gan shi a zauren matan cocinsu. Wannan babu mai iya kiran sa ya dawo.

Ta buɗe wayarta ta shiga saƙonnin da ba ta karanta ba tun jiya. Yawanci yabo ne. Can ƙasa ta ga na wata mata daga unguwar Domayo a Marwa, an turo shi da safe: Madam, soude ɗin nan irin ta sabulu ce? Ina da ita a gida. Babu wanda ya ba ta amsa.

Karimatu ta danna kira. Ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake. A karo na uku wata murya ta amsa, ana jin ƙarar turmi a bayanta. Karimatu ta manta da sallama, ta manta da Faransancin kirki, ta dinga cewa kada ki sa, kada ki taɓa, da duk harshen da ya zo bakinta. Matar ta ce ai ba ta samu yakuwa mai kyau yau ba, sai gobe ta yi niyya. Karimatu ta zame ta zauna a ƙasan baranda, ta rufe fuska da mayafi.

Da la'asar suka koma gidanta, har da Théodore, wanda ya ce shi zai duba kowane harafi. Mahamman ya dawo ya tarar da su a tsakar gida, ya ji labari, ya yi salati, ya shiga ɗaki ya ɗauko musu tabarma. Karimatu ta ɗauki sabuwar takarda ta raba ta uku. Wannan karon babu nama, babu gyaɗa. Hoto na farko fuskarta ce, tana faɗa da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci cewa an yi kuskure a bidiyon miyar yakuwa, wata baiwar Allah tana asibiti. Na biyu faranti uku a jere, kyamara kusa: kanwa, hodar kek a kwalinta, da sodar sabulu a ƙullinta, an ja mata jan layi. Roger ya ce rubutun zai rufe rabin hoton. Ta ce ya rufe duka in ya ga dama.

Sau huɗu tana fara bayanin tana tsayawa. A na biyar ta kai ƙarshe. Théodore ya karanta rubutun a bayyane, kalma bayan kalma, ya gyaɗa kai, sannan ya tura wa zauren Watsaf na ma'aikatan kamfaninsu da kansa.

An sallami Florentine bayan kwana biyu. Ta yi mako tana shan kunu da cokali, Karimatu ce ke dama mata safe da yamma ta kai da hannunta. Leɓen ya warke ya bar ɗan tabo. Ba su taɓa zama sun yi maganar abin ba, Florentine dai takan karɓi kwanon ta ce na gode da sabuwar Hausarta.

Tsohon bidiyon bai daina yawo ba. Bayan wata guda wata ƙawar Karimatu ta turo mata shi daga Ngaundere, tana cewa kin ga yadda kika yi suna. Karimatu ta kira ta, ta sa ta goge, ta tambaye ta wa ya turo mata, ta karɓi lambar, ta kira wannan ma.