Mai Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba motoci kafin a ba su takardar hawa titi, kuma a wannan aikin layi ɗaya a takardar dubawa ya isa ya kayar da mota. Birki lafiya, taya lafiya, sitiyari lafiya, amma fitilar baya ta mutu? Sai a juya a gyaro. Direbobi ne suka laƙaba masa suna Mai Jan Biro, ba don ƙauna ba, sunan kuma ya biyo shi har gida bayan ya yi ritaya.

Da wannan biron yake duba wa Auta tallace-tallacen horon sanin makamar aiki. Auta ce ƙaramar 'yarsa, ta karanta kimiyyar sinadarai, burinta ta shiga ɗakin gwaje-gwaje inda ake auna ruwan sha da abinci. A watan farko bayan ta gama karatu ta nemi wuri uku da kanta, duka suka ce a'a, ta kwana biyu ko abincin kirki ba ta ci. Uban bai iya ganin haka ba. Ya ce, "Daga yau bar min. Duk tallan da kika gani ki turo min, in tace miki. Ba za ki ƙara ƙwanƙwasa ƙofar da ba taki ba."

Haka aka yi ta yi. Tana can shagon ɗinkin gwaggonta tana saka maɓallai, in ta ga talla a waya sai ta tura masa. Shi kuma ya taka zuwa shagon buga takardu na bakin titi, ya dawo ya zauna a teburin falo, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya bi layi-layi. Abin da take da shi ya ba shi maki, wanda ba ta da shi ya kafta masa kuros. Kuros ɗaya ya isa takarda ta shige koren fayil. Da yamma in ta dawo ta ce, "Baba, na jiya fa?" sai ya ce, "Ba ki cika ba, Auta. Allah ya kawo wani." Ta ce amin, ta wuce ɗaki tana jan ƙafa.

Wata goma sha ɗaya kenan, fayil ya yi ƙiba, shi ya rame. A tsakani ya sa ta koyi tuƙi, tunda lasisi ne ya fi shan kuros, har ta samo shi makon jiya. Amma sauran fa? Wannan yana son wadda ta taɓa aiki da wata na'ura, wancan yana son yare na biyu, wani yana son gogewar shekara ɗaya, a wajen yarinyar da gogewar ce ma ta fito nema. Ransa ya gama ɓaci, ya yanke cewa laifin makaranta ne. Ranar Laraba da safe ya sa rigarsa mai guga, ya ɗauki fayil, ya nufi ofishin da ke ba ɗalibai shawarar neman aiki, ya ji dalilin da aka yaye masa 'ya da rabin ilimi.

Ofishin ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, fanka tana juyi kamar an yi mata dole. Jami'ar da ke ciki ta kai shekara hamsin, ta cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, shayinta ya huce tun ɗazu. Ta bar shi ya zazzage duk abin da ya zo da shi, ba ta katse shi ba. Daga gani ba shi ne uba na farko da ya zauna a kujerar nan ba.

"Baba, mu ga takardun," ta ce.

Ta buɗe fayil, ta ɗaga ta farko, ta biyu, ta uku. Sai ta ajiye, ta murza idanunta.

"Wa ya yi wannan jan?"

"Ni ne. Aikina ne dubawa."

"Ta nemi ko ɗaya a ciki?"

"Ta nema ta yaya, Malama, ba ta cika ba?"

Jami'ar ta juyo masa da takarda ɗaya, ta ɗora yatsa a sama. "Karanta min kan wannan jerin."

"Sharuɗɗan da dole a cika."

"Layi uku ne. Digiri a sinadarai ko makamancinsa. Kada a wuce wata goma sha biyu da gama karatu ranar fara horo. A iya zuwa kullum har wata shida. Duka ka ba ta maki. To karanta kan na ƙasa."

"Abubuwan da aka fi so." Ya gyara tabarau. "Ai shi ne. Sun ce suna so."

"Suna so mana. Ni ma ina son a gyara min fankar nan, amma ga ni ina aiki. Na sama su ne ƙofa, Baba, wanda bai cika su ba ko karanta takardarsa ba za a yi ba. Na ƙasa fata ne. Shugaban sashe yakan zauna ya lissafo duk abin da zai ji daɗi in ya samu. In masu nema sun yi yawa, da su ake fifita wani a kan wani, ban ce ba su da amfani ba. Amma da wuya a samu mai su duka. Wanda ya iya duk wannan, me zai zo koyo?"

Bai yarda nan take ba. Mutum ba ya ajiye shekara talatin da ɗaya don wata mai takalmi ɗaya ta ce ya ajiye. Ya zaro wata takarda wadda ba ta da kan jeri, duk a cakuɗe suke. "Wannan fa? Ina dole, ina fata?"

"Sai ka duba yadda suka faɗa, ka kuma duba aikin kansa. Nan sun ce wajibi ne, nan sun ce zai taimaka. Lasisin tuƙi a wannan tallan kuwa ka yi daidai da ka soke, don aikin shi ne tuƙa mota a ɗebo samfurin ruwa daga rijiyoyi, ba ya yiwuwa babu lasisi. A wancan kuma zaman ɗakin gwaji ne, ƙari ne kawai. Inda ka rasa ganewa, ga lambar waya a ƙasa. Don a kira aka sa ta."

Ko sau ɗaya bai taɓa kira ba. A aikinsa ba a kiran mai mota a tambaye shi ko birki dole ne.

Ta hau raba takardun gida biyu, ba ta ko ɗaga kai. Yana kallon tulin dama yana tashi. Da ta gama ta ƙirga: ashirin da uku ne duka, tara ya soke su da gaskiya, goma sha huɗu kuwa Auta ta cika sharuɗɗansu tun ranar da aka buga su.

"Ban ce da ta samu ba," in ji jami'ar, muryarta ta yi ƙasa. "Na ce da an karanta takardarta."

Ya laluba aljihu ya fito da tallan da ya fi ji da shi, wanda ya ware daban. A wannan, tunda lasisi ya samu, babu kuros ko ɗaya. Jami'ar ta duba ranar fara horo, ta duba kwanan watan da ke kan kwafin shaidar digirin Auta a cikin fayil.

"Wannan zai fara ne bayan ta cika wata goma sha uku. Ga ƙa'idar wata goma sha biyu a jerin sama, Baba. Kana iya kira ka tambaya, amma na san wurin, masu ɗaukar nauyin horon ne suka kafa ƙa'idar, ba sa ɗagawa."

Ya tuna ya ba wa layin maki ba tare da ya ƙirga watanni ba. Da farko ai gaskiya ne, sai hannunsa ya saba. Layin da ya fi kowanne sauƙi, na watanni, shi ne yake ƙarewa a hannunsa yana zaune yana soke yare na biyu.

A cikin goma sha huɗun, goma sha uku an rufe. Saura ɗaya, na wani kamfanin sarrafa madara, za a rufe gobe ƙarfe huɗu, a fara horo kwana tara kafin watanninta goma sha biyu su cika. Kuros huɗu ya kafta masa, duka a jerin ƙasa. Jami'ar ta miƙa masa shi.

"Ta rubuta yau. Ta nuna yadda ta cika na sama ɗaya bayan ɗaya, a na ƙasa ta faɗi abin da ta yi mai kama da shi a makaranta, kada ta ƙara gishiri. Kuma Baba, ita za ta rubuta."

Bai hau mota ba, ya taka har shagon gwaggon Auta, rana tana dukan ƙeyarsa. Ya gaji irin gajiyar da zama ba ya maganinta. Ya ce da ƙanwar tasa ta ara masa Auta na yini ɗaya. A hanya yarinyar ta tambaye shi ko lafiya, ya ce sai sun isa.

A falo ya shimfiɗa mata tulin biyu, ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa makaranta ba. Tana tsaye da guntun zare a jikin mayafinta. Ta ɗauki wata takarda ta watan huɗu, ta daɗe tana kallonta.

"Wannan na so shi sosai," ta ce. "Na ga kamar na cika. Sai na ce ai Baba ya fi ni gani."

"Auta, ni..."

"Nawa ne duka?"

"Goma sha huɗu."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ja kujerarsa, wadda ba mai zama a kanta sai shi, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta, ta ajiye tallan kamfanin madara a gefe. Ya tsaya a bayanta. Ta rubuta sakin layi na farko, ta shiga na biyu. Da ta iso wajen na'urar da ba ta taɓa aiki da ita ba, ya ji yatsunsa sun kai aljihun gaba inda biron yake, bakinsa ya buɗe da kansa.

Ba ta juyo ba. Yatsunta kawai suka tsaya a kan madannai.

"Baba, don Allah ka ɗan ba ni wuri."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce masa haka ba. Ya ce to. Ya fita ya ja ƙofar a hankali, ya zauna a dakalin ƙofar gida da rigarsa mai guga, yana jin ƙarar madannai ta taga, ba tare da ya san abin da take rubutawa ba.