Sunan Itsuki a Kan Famfas Ɗari Biyu

Leda ta uku ke nan a mako ɗaya da Malama Kuwabara ta miƙo wa Chizuru a ƙofar gidan renon yara. A ciki akwai rigar ɗanta Itsuki da wandonsa, kashi ya ɓata su har gadon baya. Chizuru ta rusuna ta ba da haƙuri. Ta gaji da ba da haƙuri, ta gaji da wanki, ga ƙafafunta sai zogi suke yi, don tun safe take tsaye a kantin burodin da take aiki.

"Maman Itsuki, zo ki gani," in ji malamar.

Ta kwantar da yaron ta ɓalle masa famfas. Kowace cinya da jan zobe inda roba ta ci, matsematsinsa kuma ya yi jawur.

"Ya yi masa kaɗan."

"Malama, ai kilo shida zuwa sha ɗaya aka rubuta a jiki. Shi tara da rabi ne."

"Wanda ya rubuta bai ga cinyar ɗanki ba." Ta ɗaura masa wani cikin waɗanda Chizuru ta kawo. "Sa yatsa nan."

Yatsa ya ƙi shiga.

"Biyu ya kamata su shige a ƙugu, ɗaya a cinya. Dubi cibiyarsa a waje. Bayan famfas ɗin ma ya sauka, shi ya sa kashin ke haurowa. Fitsarinsa ya ƙaru, wannan ba ya shanyewa, sai fatar ta zauna cikin lema. In wurin nan ya fashe, sai likita."

 Ba wai Chizuru ba ta ga jan ba, ta gani, ta yi ta lafta masa mai tana cewa zafi ne. Dokar gidan renon ita ce kowane famfas sai da sunan mai shi a baya. Mijinta Noboru, wanda ke fita yaro na barci ya dawo yaro na barci, shi ya kinkimo kwalin famfas guda, ya ɓata Lahadi sukutum yana buga hatimin sunan ɗansa. Ɗari biyu cif, ya jera su yana ta washe baki. Abin da ya iya yi wa yaron ke nan. Saura ɗari da arba'in, kanti ba zai karɓa ba, kuma wa za ka ba wa famfas mai sunan ɗan wani?

"Ki sayi mai zurawa kamar wando," malamar ta ci gaba. "Tun da ya fara rarrafe ba ya tsayawa a manna masa."

"Rarrafe?"

Malamar ta kama bakinta. Al'adarsu ce ba sa gaya wa uwa irin wannan, sai su bari ta gani a gida ta zo tana ba su labari.

"Tun Talata," ta ce a hankali. "Ki yafe ni."

Yau Juma'a. Abin ya yi wa Chizuru ciwo ƙwarai. Kwana huɗu tana ɗauko shi daga keke zuwa wanka, daga wanka zuwa shimfiɗa, ba ta taɓa ajiye shi a ƙasa ba.

A kantin magani ta ɗauki na gaba da nasa girma, ƙananan ƙunshi na gwaji daga kamfani biyu. A gida ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta bar fatar ta sha iska. Na farkon laushi kamar auduga, amma ramin cinyarsa matsattse ne, ta cire. Na biyun ya rufe cibiya, ya hau baya sosai, yatsu biyu suka shige. Ta zagaya da yatsa ta fito da tattarar bakin cinyar waje, don kada ya yi yoyo.

Noboru ya kira daga ofis, ta gaya masa famfas ɗin sun yi wa yaron kaɗan.

"To sauran fa? Hannuna har yanzu ciwo yake yi."

"Ka sa abinka, Baban Itsuki. Yaro ya wuce su."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Can ya ce, "Yaushe ya yi girman haka?"

 Ta ajiye wayar.

Ledar wankin na nan bakin ƙofa a ƙulle, shinkafa ba a ɗora ba. Ta ture tebur gefe, ta ajiye Itsuki a kan tabarma, ta koma ƙarshen ɗakin ta zauna ta miƙe ƙafafunta. Yaron ya dube ta, ya dubi kwalin famfas ɗin. Sai ya ɗaga gindi, ya kafa gwiwa, ya nufo ta da sauri, irin saurin wanda ya riga ya saba.