Zare Farar Waya

Tun da Yaya ya samu aiki a nesa, Auta ne ke kula da intanet ɗin shagon kwamfutar. Yayan ne ya haɗa komai kafin ya tafi. Layi biyu ne daga kamfanoni biyu, farar waya da shuɗiya, suna shiga wata 'yar na'ura a saman kanta. Ita ke raba wa layukan aiki, wannan ya ɗauki wasu kwastomomi, wancan ya ɗauki wasu. Idan ɗaya ya mutu sai ta juye kowa kan ɗayan, ta kuma tura wa Yaya saƙo ta layin da ya rage.

Yaya ba mai yawan kira ba ne. Ko Inna sai ta yi ta mita kafin ta ji muryarsa. Amma saƙon na'urar nan bai taɓa wuce shi ba.

Rannan da hantsi shagon ba cika, daga mai shago da ke gyangyaɗi sai wata malama da ke hirar bidiyo da ɗiyarta. Auta ya daɗe tsaye yana kallon fitilun na'urar. Rabonsa da muryar Yaya har ya manta. Can ya miƙa hannu ya zare farar wayar.

"Kai, hoton ya tsaya!" in ji malamar. "Yarinyar nan ta daskare da baki buɗe."

Auta ya waiwaya, ashe a kan farar take.

"Sake kira, Malama. An mai da ke ɗaya layin, sai dai kiran da ya yanke ba ya haɗuwa da kansa."

Bai rufe baki ba salular da ke aljihunsa ta ɗau ruri.

"Autan Inna, me ya samu farar?"

"Faɗuwa ta yi, Yaya. Ka san halin kamfanin nan."

"Uhm. In daga kamfani ne, na'urar sai ta yi ta ƙwanƙwasa wani adireshi a waje, ta ji shiru, sannan ta haƙura. Wannan kuwa cewa ta yi babu waya a raminta. Wancan watan ma haka ta ce. Ɓera ne ya koyi zare waya?"

Auta ya sunkuyar da kai kamar Yayan na gabansa, yana murza bakin wayar da yatsa.

"Mayar da ita, layi ɗaya ba zai ɗauki jama'a ba in sun cika."

Ya mayar. Fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma koriya.

"Ta dawo," ya ce a hankali. Ya san daga nan sai sallama.

Yana jin ƙarar fanka a can ɗakin da bai taɓa gani ba.

"Har yanzu Inna na fama da gwiwar nan?" in ji Yaya.

Auta ya jawo kujerar roba da ƙafa ya zauna.