Saƙon Muntasir da Wayar Inna

Ƙanena Muntasir mutum ne mai kyawun niyya. Da niyya ake cin abinci, da ya ƙoshar da unguwarmu tun daga Ƙofar Kuyambana har bakin kasuwa. Lokacin da Inna take kwance, kullum na kira shi a Fatakwal inda yake aiki, sai ya ce, "Yaya Radiya, mako mai zuwa in sha Allahu." Makon da ya zo, ya tarar an riga an kai ta. Da ya durƙusa gaban Baba a zaure, Baba ya amsa gaisuwar kowa ban da tasa. Ya koma Fatakwal, ya yi ta kira, Baba bai ɗaga ba ko sau ɗaya.

Baban namu, wanda duk birni aka sani da Malam Bahago, maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, har idonsa ya gaza ya ajiye allura. Ni ce nake zuwa daga gidana kullum in duba shi. Tsorona ɗaya ne a lokacin: kada tsohon nan ya bi Inna yana fushi da ɗansa.

Wata uku ko huɗu bayan rasuwar, Muntasir ya turo mini wata doguwar lamba, ya ce ya aiko wa Baba saƙo ta kamfanin kai kaya, in riƙa dubawa. Ni mai sayar da mayafai ce ta waya, aika kaya Legas da Abuja sana'ata ce, don haka nan take na buɗe shafinsu na zuba lambar. Ya nuna mini kalmomi biyu: "Label created."

Ban damu ba. Haka kowane saƙo yake farawa. Na gaya wa Baba, ya ce, "Wa ya roƙe shi?" ya juya kai. Amma washegari, ina ajiye masa kunu, ya ce cikin gemu, "Abin nan ya taso?"

Bai taso ba. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, kalmomin nan biyu suna zaune daram. Baba ya buɗe wa kamfanin wuta. Ya ce ɓarayi ne, ya ce a zamaninsa direban mota ake ba riga ya kai ta Ikko ba lamba ba komai. Har maƙwabta ya tara a zaure suna taya shi. Ni kuwa ina jinsu ina haɗiye magana, domin na san bayin Allah ko ƙyallin kayan ba su gani ba. Sai dai na lura da wani abu da ya sa na ƙara yin shiru: Baba ya fi son a ce kamfani ne ya ci amana.

Ran nan ya ritsa ni. Ya ce, "Radiya, ke da kike wannan harka, fassara mini Turancin nan. Kada ki yi mini kwana-kwana."

Na ce, "Baba, ma'anarsa an cike suna da adireshi, an fitar da takardar da ake mannawa jikin kaya, an ba da lamba. Shi ke nan."

"Kayan fa?"

"Ba su karɓa ba tukuna. Ranar da ya miƙa musu suka ɗora na'urarsu a kan takardar, rubutun zai canza."

Ya ci gaba da murza carbi. Can ya ce, "Ashe har yanzu a mako mai zuwa muke." Bai sake tambaya ba, kuma wannan shirun ya fi faɗan ciwo.

Ina fita soro na kira Muntasir, na wanke shi tas. Na ce idan wasa yake so ya nemi tsararsa, ya bar tsoho ya ji da abin da ke damunsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, rigar Baba ce. Wadda ya bari rabi, mai aska biyu. Na ɗauke ta ranar da zan taho."

Na san rigar. Ita ce aikinsa na ƙarshe, ya gama wuya, ya fara aljihu, ido ya ƙi. Muntasir kaɗai ne a cikinmu ya zauna gefensa yana yaro ya koyi riƙon allura.

Ya ce, "Ranar da na zaci na gama na fitar da takardar. Da zan naɗe, na duba, na ga aikin bai kai in nuna masa ba. Na warware. Na sake, na sake warwarewa."

Raina ya yi sanyi, amma ban nuna masa ba. Na ce, "Ba gasa aka sa ba. Ka naɗe ta haka nan ka kai musu gobe, kafin lambar ma ta lalace. Baba ba zai jira ka ƙware ba."

Ikon Allah, ya kai. Rubutu ya koma cewa sun karɓa, daga nan ya zama "In transit." Na karanta wa Baba, na ce yanzu kam kaya sun bar hannunsa, suna hannun kamfani, suna hanya. Ban gaya masa ko mene ne ba. Ya ce, "To." Amma daga ranar ya mayar da ni 'yar kamasho a tasha. "Motar tana ina yanzu? Ta wuce Lakwaja?" Na yi ta bayani cewa shafin ba ya bin mota. Sai kaya sun sauka a wata ma'ajiyarsu an ɗora musu na'ura yake ƙara layi, kuma ko suna ajiye a Abuja suna jiran wata motar, haka dai zai ci gaba da cewa suna hanya. Da ya yi kwanaki bai motsa ba, Baba ya ce an sace. Da ya nuna Kaduna, ya ce ai shi dama ya san za su iso.

Wata Laraba da safe na ga "Out for delivery." Wannan shi ne wanda nake so. Na ce, "Baba, yau ne. Kayan suna Zariya, an ɗora wa mai babur tare da na wasu. Yana iya zuwa yanzu, yana iya kaiwa yamma. Ka dai bar wayarka a kunne, don sai ya kira."

Mutumin da ya ce wa ya roƙe shi, sai ga shi ya sa a shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ya ɗora hula, ya ajiye waya kan cinya. Duk babur da ya gifta sai ya ɗaga kai. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Dab da magariba shafin ya canza: an yi ƙoƙarin kaiwa, ba a samu mai karɓa a waya ba.

Wallahi sai da na ji kamar in fasa wayata. Tawa da ta Baba ko ƙyas ba su yi ba. Kuma a cikin birni, inda gidaje ba lamba, lungu yana haifar lungu, wa zai same ka ba waya? Balle Muntasir sunan da ke katin shaidar Baba ya rubuta, Muhammadu Usman, wanda akwai irinsa a kowane zaure.

Na kira Muntasir na ce, "Wace lamba ka ba su?"

Na ji yana laluben takarda. Da ya yi magana muryarsa ta canza. "Ta Inna na sa. Yaya, ban ma lura ba. Ita ce lambar gida a kaina."

Duk faɗan da na tanada sai na fasa shi. Shekara da shekaru, duk mai neman gidanmu wayar Inna yake kira, ita take miƙa wa Baba.

Wayar tana cikin akwatinta, a ɗakinta, kuma tun ranar da aka fita da ita Baba ya riƙe mabuɗin bai bar kowa ya taɓa ba. Na gaya masa abin da ya faru ba ragi. Na ce za su sake gwadawa gobe, in suka yi ta rasa mu za su mayar wa mai shi. Na yi saurin ƙarawa da cewa ba sai an taɓa akwatin ba: Muntasir zai iya sa su canza lambar, ko ni in hau Keke in je ofishinsu da katin Baba in karɓo.

Baba ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Lambar uwarsa ya rubuta?"

"Ita ce, Baba."

Ya zura hannu aljihu ya ciro mabuɗin. "Bar su. Ɗauko ta ki sa mata wuta."

Ƙamshin turarenta ne ya fara tarbata da na ɗaga murfin. Na sha kukana a nan ni kaɗai, na share fuska, na fito da 'yar wayar mai madannai da aka ɗaure bayanta da roba. Na jona ta ina addu'a kada a ce an rufe layin. Ta kawo.

Washegari shafin ya sake cewa an fito da kaya. Da hantsi wayar Inna ta yi ƙara a kan tabarma, irin ƙarar nan tata mai kama da kukan tsuntsu, wadda muka saba ji daga madafa tana cewa a miƙo mata. Baba ya zabura. Na miƙa hannu, ya riga ni.

"Ƙwarai, nan ne," in ji shi. "Jiya mai wayar ce ba ta nan. Ɗana, in ka shigo ta Ƙofar Kuyambana, ka bar wannan sunan, ka ce zauren Malam Bahago."

Ba a jima ba mai babur ya iso, wani Dogara ɗan Wusasa, yana ta ba da haƙuri. Baba ya sa aka ba shi ruwa, ya dangwala hannu inda aka nuna masa. Kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace, shafin ya ce an kai.

Na yanke ledar. Baba bai buƙaci ido ba. Yana taɓa shaddar ya gane ta. Ya bi wuyan da yatsa, ya gangaro aljihu, ya tsaya daidai inda aikinsa ya ƙare na wani ya fara. Ya shafa wurin, ya sake shafawa.

"Nan an warware," ya ce. "Ba sau ɗaya ba. Ji yadda yadin ya gaji." Ya matsa gaba kaɗan. "Kuma har yau yana jan zare da ƙarfi. Na hana shi tun yana yaro."

Hawaye yana bin gemunsa yana wannan ƙorafin. Ya ce, "Kira mini shi."

Na ɗauko wayata. Ya girgiza kai, ya turo mini ta Inna.

"Baba, sunanta zai gani fa."

"Na sani. Ita ce lambar gida."

Na danna, na kara masa a kunne. Ta yi ta ringi har na zaci ba zai iya ɗauka ba. Da aka ɗauka, ba sallama, ba komai, sai numfashi.

Baba ya gyara rigar a kan cinyarsa. "Muntasir, ni ne," in ji shi. "Saƙonka ya iso. Saura kai."