Gyaran da Ya Ƙi Sauka

Ƙarfe huɗu za mu nuna wa asibiti manhajar da muka gina musu, ƙarfe biyar zan ɗauko 'yata daga makaranta. Na janyo aiki daga Git, rumbun intanet da muke tara aikinmu, gyaran abokin aikina Dogo bai bayyana ba.

"Dogo, ka tura kuwa?"

"Tun safe, Baba, kafin Gajere ya tura nasa!"

"To me ya sa na Gajere kaɗai nake gani?"

Gajere, ɗaya abokin aikin namu, ya sunkuyar da kai. "Da na tura, Git ya ce in fara janyo na Dogo. Ni kuma na tura da ƙarfi."

"Ka danne aikin ɗan'uwanka ke nan, sarkin gaggawa!"

Allah ya taimaka, gyaran yana kwamfutar Dogo. Ya janyo, ya haɗa, ya sake turawa. Muka nuna aikin a makare, 'yata ta yi awa guda a bakin ƙofa.