Sunan Baba Gide a Rahoton Taro

Da aka tashi daga makaranta Malama Shafa'atu ba ta nufi gida ba, ƙaramin asibitin garin ta wuce, da ƙurar alli a gefen hijabinta. Ita ce sakatariyar kwamitin lafiya na mazaɓarsu, can gefen Ƙetare. Al'adarsu ce kafin kowane taro ta kawo daftarin rahoton taron baya, ita da shugaban kwamiti su bi shi layi-layi, kada a je gaban mutane a karanta abin da ba a faɗa ba.

Ta tarar da shugaban, Alhaji Nata'ala, zaune a benci a barandar asibitin, ya tura hularsa baya saboda zafi. Asma'u, ungozomar da ke riƙe da asibitin, ta gama sallamar masu awo, ta jawo kujera ta zauna kusa da su. Ita ma 'yar kwamiti ce.

Suka gaisa, suka taɓa zancen ruwan da aka yi da safe da yadda masara ta miƙe. Sannan Shafa'atu ta miƙa wa Alhaji takardun, ta buɗe littafin da take rubutu a ciki lokacin taro ta ɗora a cinya.

Alhaji ya sa tabarau. Ya duba kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta, ya ce an manta da limamin masallacin Juma'a cikin masu uzuri. Ta duba littafinta, ta ga gaskiyarsa, ta ƙara. A batun rufin ɗakin haihuwa da ke yoyo ta rubuta cewa an tattauna, mutane sun nuna damuwa.

"Damuwar ba ta tare ruwa, Malama," in ji shi. "Mi muka yanke?"

"An yanke a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma."

"Wa zai rubuta?"

Asma'u ta ce, "Ni ce. Na ce zan kai takardar Ƙanƙara kafin ƙarshen wata, kuma na kai."

"To a rubuta haka. Abin da aka yanke, sunanki, da lokacin da kika ɗiba."

Shafa'atu ta gyara. Suka wuce zuwa batu na gaba, na motar kai masu naƙuda asibitin Ƙanƙara idan haihuwa ta zo da gardama. Alhaji ya karanta a hankali: "An amince za a tuntuɓi direbobin tasha." Ya tsaya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Dukkansu sun san wanda ya ɗauki wannan aikin. Baba Gide ne, tsohon direba, dattijon tasha, wanda direbobi suka wakilta a kwamitin. Bayan taron da kaɗan ya kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Alhaji na cikin waɗanda suka sa shi a kabari, don tun suna samari suke tare.

"Kin cire sunan shi," Alhaji ya ce, ba da faɗa ba.

"Na rubuta, Alhaji, na goge. Na ga kamar ba daɗi a tashi a gaban mutane a karanta cewa akwai aiki a wuyan Baba, alhali yana ƙasa. Ɗiyarsa ma na zuwa taron nan cikin wakilan mata."

Alhaji ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce, "Na fahimce ki. Amma ranar da muka zauna yana raye, a nan ya zauna, shi ya ɗaga hannu. Rahoton ranar ne kike rubutawa, ba na yau ba. Kuma in kika bar shi da 'za a', kowa zai ji a ransa wani ne zai yi. Haka za mu kai rani ba wanda ya taka tasha."

Asma'u ta gyaɗa kai. Ta ce a makon da ya wuce sai da aka ɗora wata mata a babur, mijinta na riƙe da ita ta baya, saboda ba a san direban da za a kira ba. Allah ya sa ta sauka lafiya.

Shafa'atu ta ja layi a kan jimlar. "To yaya zan sa?"

"Ki rubuta: Baba Gide ya yi alkawarin direbobi za su ba da mota, dare da rana, duk lokacin da asibiti ya nema."

Ta sa biro a kan takarda, amma ba ta rubuta ba. Ta koma littafinta tana bin rubutun da yatsa.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ba haka na rubuta ba ranar. Abin da ke nan shi ne zai yi magana da direbobi, ya kawo sunayen waɗanda suka yarda da lambobinsu a taro na gaba."

"Ai duk ɗaya ne."

"Akwai kuma inda ya ce ban da dare."

Asma'u ta ce, "Ya faɗa, Alhaji. Ni na matsa masa a kan daren. Ya ce ba zai tura ɗan kowa hanyar nan bayan magariba ba, da halin rashin tsaron da ake ciki, sai dai in direba ya ga zai iya don kansa."

Alhaji ya mai da tabarau, ya sake cirewa. Mutum ne da ba ya son a ga ya yi gaggawar sauka daga magana, amma kuma ba ya musun abin da ya sani.

"Ban manta ba," ya ce. "Tunanin da na yi, yaran tashar nan ba wanda zai tsallake maganar Gide yanzu. In suka ji an karanta cewa shi ya yi alkawari, za su cika, ko don kunyar shi. Matanmu ne za su amfana."

"Haka ne, Alhaji," in ji Shafa'atu. "Sai dai shi ba ya nan balle ya ce ba haka na ce ba. In wani yaro ya fita da dare saboda wannan layin, wani abu ya same shi, da sunan Baba za a ce ya fita. Kuma ni zan sa hannu a ƙasa, kai ma za ka sa."

Wata mata ta leƙo da yaro a goye tana neman maganin tari. Asma'u ta tashi ta shiga da ita. Alhaji ya bi su da kallo har suka shige, sannan ya nisa.

"Rubuta yadda ya faɗa. Har da ban da daren."

Ta rubuta, ta karanta masa: kwamiti ya amince a nemi haɗin kan direbobin tasha don kai masu naƙuda Ƙanƙara da rana; Baba Gide zai yi magana da su, ya kawo sunaye da lambobin waɗanda suka yarda a taro na gaba; batun dare ba a yanke komai a kai ba. Ta tambaya ko ta sa "marigayi" a gaban sunan. Alhaji ya ce a'a, ta bar shi yadda yake ranar. Rasuwar za ta shiga rahoton taron da ke tafe, tare da ta'aziyyar kwamiti.

"Wanda zai gaje shi fa? In bar gurbi?"

"Ba mu biyu za mu naɗa ba. Idan an karanta an amince da rahoton, in aka zo abubuwan da suka taso daga cikinsa, a nan za a ɗora wa wani, a gaban kowa, da yardarsa. Amma kafin nan ya kamata mu san inda Gide ya tsaya. Wannan ni zan yi."

Washegari da hantsi Alhaji ya je tasha. Ya samu Jabiru, wanda ya yi wa Baba Gide yaron mota shekarun baya, yanzu kuma yana jan tasa motar zuwa Ƙanƙara da Faskari. Jabiru ya bar lodi ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Da Alhaji ya kawo maganar, sai ya ce ai Baba ya tara su a rumfa kafin ya kwanta, ya yi musu bayani. Wasu sun yarda nan take, wasu sun ce sai sun ji ta bakin masu motocin. Bayan rasuwar ba wanda ya sake tayar da zancen, sun ɗauka ya bi Baba.

"Ya ce muku har da dare?" Alhaji ya tambaya.

"A'a, Alhaji. Cewa ya yi kada wanda ya ɗauki abin da ba zai iya ba."

Alhaji ya ce masa ya zo taro ranar Asabar, in shugabannin tasha sun yarda ya wakilce su.

An yi taron a barandar asibitin. Bayan addu'a Shafa'atu ta miƙe ta karanta rahoton. Da ta zo sunan Baba Gide muryarta ta ɗan yi ƙasa, amma ta karanta har ƙarshen layin. 'Yarsa Suwaibatu, da ke zaune cikin mata, ta sunkuyar da kai ta share ido da bakin mayafi. Alhaji ya tambaya ko akwai gyara. Wani ya ce an rubuta sunan unguwarsu ba daidai ba, aka gyara da biro. Sai Suwaibatu ta ce, a hankali, ita ba ta da gyara, haka Baba ya faɗa, tana wurin. Liman ya kawo shawarar a amince da rahoton, Asma'u ta mara masa baya, shugaba da sakatariya suka sa hannu.

Da aka zo kan aikin, Alhaji ya faɗi abin da ya jiyo a tasha, ya tambayi Jabiru ko zai ɗauka. Jabiru ya ce zai ɗauka, amma a ba shi zuwa Juma'a ta sama, don biyu daga cikin masu motocin suna Funtuwa. Asma'u ta nemi a ƙara cewa ita za a kawo wa sunayen, ta manna a ɗakin haihuwa. Batun dare ya ɗauki lokaci, aka yi ta ja, a ƙarshe aka ɗora wa Asma'u da wakilan mata su riƙa gano masu cikin da ake jin tsoronsa tun a wurin awo, a shawarci mazajensu su kai su Ƙanƙara wurin dangi kafin lokaci ya yi.

Jabiru bai kawo sunayen ranar Juma'ar ba, sai Lahadi, ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Ba duka direbobin suka shiga ba. Waɗanda suka shiga Asma'u ta kira su ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar lambobin na aiki, ta tarar ɗaya ta matar direban ce, suka yi dariya a waya, matar ta ce ba komai, a bar ta haka, ta fi shi ɗaukar kira.